Ledar Da Ke Cikinka: Me Ya Sa Mafitsara Ba Ta Yoyo?



Kwanaki na shiga mota daga Zuru zuwa Birnin Kebbi, na sha fiya wata biyu a tasha, direba kuma ya ƙi tsayawa. Ina matse da fitsari nake ta tunanin abin da za mu tattauna yau.

Mafitsarar babban mutum tana ɗaukar kamar mililita 400 zuwa 500, wato kusan ledar fiya wata ɗaya. In babu komai a ciki, a tsuke take, cikinta duk tattara. To ta yaya take buɗewa haka, fitsari bai ratsa bango ya koma jini ba?

Sirrin yana cikin shimfiɗar da ta lulluɓe bangon ta ciki. In mafitsara ba komai, za ka ga ƙwayoyin halittarta a madubin likita sun hau kan juna kamar hawa biyar ko shida. In ta cika sai su baje, su koma kamar hawa biyu ko uku. Wannan sauya siffar ya sa ake kiranta shimfiɗa mai rikiɗa.

Na saman su ne gwanaye. Manya ne, kowace ta rufe ƙanana da yawa a ƙarƙashinta kamar laima, shi ya sa ma ake ce musu ƙwayoyin laima. Gefensu a ɗinke yake da juna gam, babu kafar da fitsari zai bi. Fuskarsu kuma tana da sulke na furotin mai suna yurofilakin. Abin da ya fi burge ni shi ne, suna ajiye guntayen wannan sulken a cikinsu. Fitsari na ƙaruwa, sai su fito da su, su jona a fuska. Ka ga ba jan fatar kawai ake yi kamar roba ba, ƙara mata faɗi ake yi.

Yanzu mu dawo gida. Yaron da ke wanka a rafi ko dam mai katantanwa yana iya kamuwa da tsargiya. Tsutsar tana zama a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, ƙwanta kuma yana da ƙaya. Sai ya huda wannan shimfiɗar kafin ya fita cikin fitsari, jinin da ake gani ke nan, musamman a ɗigon ƙarshe.

In aka bar shi shekaru, bangon yana yin tabo ya ƙandare, mafitsara ta daina buɗewa sosai, mutum ya riƙa zarya banɗaki. Shimfiɗar ma tana iya komawa irin ta fata, daga nan wasu kan kamu da kansa.

Don haka jini a fitsarin yaro ba alamar balaga ba ce. A kai shi asibiti a gwada fitsarin, in tsargiya ce akwai maganinta, firazikwantel.