Wat da Wat-awa: Buta ko Ƙwan Fitila, Wa Ke Cinye Kuɗin Wuta?

Idan ka kife butar lantarki ka duba gindinta, za ka ga wani ɗan rubutu kamar 2000W. A jikin ƙwan fitila na zamani kuwa 10W za ka gani, ko abin da bai kai haka ba. Da yawan masu gida daga nan suke yanke hukunci, su ce buta ce ke zuƙe musu katin wuta, har su hana a jona ta. Sai wata ya ƙare su ga yunit ya tafi yadda ya saba tafiya. Abin da ya shige musu duhu shi ne, lambar nan ta jikin kaya rabin lissafi ce kawai. Ɗaya rabin shi ne lokaci.

Harafin W yana nufin wat, ma'aunin da aka raɗa wa sunan James Watt, injiniyan ƙasar Sikotilan da ya inganta injin tururi, ya rasu a 1819. Wat yana gaya maka saurin da abu yake jan wuta a daidai lokacin da yake kunne. Wat-awa kuma, wanda ake rubutawa Wh, jimillar wutar da abin ya sha ce bayan ya ɗauki wani lokaci yana aiki. Kamar famfo ne da bokiti. Ƙarfin zubar ruwa shi ne wat, ruwan da ya taru a bokiti shi ne wat-awa. Famfo mai ƙarfi da aka buɗe na ɗan lokaci da wanda ya kwana yana ɗiga, duk suna iya cika bokiti ɗaya.

Lissafin ba shi da wuya: wat × awa = wat-awa. Mu fara da buta. A zuba mata ruwa lita ɗaya, irin wanda ya kwana a ɗaki, mai ɗumin digiri 25. Kafin ya kai digiri 100 ya tafasa, ruwan kansa yana buƙatar wat-awa 87 ko kusa da haka. Wani zafin yana tafiya a jikin butar da cikin iska, don haka a ce 100. Buta mai wat 2,000 tana gama wannan aiki cikin minti uku. Minti uku kashi ɗaya ne cikin ashirin na awa, kuma idan ka raba 2,000 gida ashirin, 100 za ka samu. Maɓalli ya ce ƙas, buta ta kashe kanta, shan wutarta ya tsaya a nan.

Ƙwan fitila mai wat 10 kuwa, idan aka kunna shi da ƙarfe takwas na dare aka kashe da shida na safe, ya yi awa goma. Goma sau goma ɗari ne. Ashe abin da buta ta sha a minti uku, shi ne ƙwan ya sha a dare guda. Buta ta fi shi saurin ja sau ɗari biyu, shi kuma ya fi ta daɗewa sau ɗari biyu, sai suka yi kunnen doki.

Mitar gidanka wat-awa take ƙirgawa. Abin da ake kira yunit ɗaya shi ne wat-awa 1,000, wato kilowat-awa ɗaya, wanda yake fitowa a fuskar mita da haruffan kWh. Da yunit ɗaya za a tafasa lita guda ta ruwa sau goma, ko a kunna ƙwai mai wat 10 na awa ɗari.

Ɗauki gidan da ake dafa ruwan shayi sau uku a rana, lita ɗaya kowane karo. Wat-awa 300 ke nan a rana, yunit 9 a wata. A ƙofar gidan kuma akwai tsohon ƙwai mai wat 60, irin mai jan hasken nan da ke ƙona hannu, ana barinsa daga magariba zuwa wayewar gari, awa sha biyu. Sittin sau sha biyu 720 ne, a wata ya haura yunit 21. Wannan ƙwai ɗaya da ba wanda ya damu da shi ya ci fiye da ninki biyu na abin da buta ta ci. Da za a cire shi a sa mai wat 10, wanda a kwalinsa aka rubuta LED, hasken zai yi kusan daidai, cin wutar kuma ya dawo ƙasa da yunit huɗu.

Kana iya ganin wannan da idonka. Yawancin mitoci suna da wata 'yar jar fitila mai ƙiftawa, a gefenta an rubuta wani abu kamar 1000 imp/kWh. Lambar takan bambanta daga mita zuwa mita, amma idan dubu ce, kowace ƙiftawa wat-awa ɗaya ce. Kashe komai na gidan ka bar ƙwai mai wat 10, za ka jira minti shida kafin ta ƙifta sau ɗaya. Jona buta, sai ta koma ƙiftawa kusan duk daƙiƙa biyu. Saurin ƙiftawar yana nuna maka wat, yawanta kuma wat-awa.

Kada a ɗauka wat ba shi da amfani tunda ba shi ake biya ba. Shi ne ke faɗa maka ko layinka zai iya ɗaukar kaya. Ƙaramin janareta da ƙarfinsa bai kai wat dubu ba zai riƙe ƙwai goma masu wat 10 har mai ya ƙare, amma kana jona masa buta zai yi nishi ya mutu, ko da na minti ɗaya ne. Haka inbata mai wat 1,000 za ta yi ƙara ta ɗauke wuta, alhali batirinta a cike yake. Buta mai wat 2,000 tana jan kusan amfiya tara, shi ya sa siririyar wayar jone mai araha take ɗaukar zafi har bakin soket ya yi baƙi. Idan ka taɓa filogi ka ji zafi, ko ka ji ƙaurin roba, cire shi nan take.

Wurin batiri kuma wat-awa ne ke magana. Batiri mai 12V da 100Ah yana ɗauke da kimanin wat-awa 1,200, domin ana ninka lambobin biyu ne. Idan mai ruwan asid ne, masu haɗa sola sukan ba da shawarar kada a sha fiye da rabi don ya yi ƙarko, saura 600 ke nan. Wannan zai riƙe ƙwai biyar masu wat 10 na kusan awa sha biyu. Buta kuwa minti sha takwas ya ishe ta ta shanye shi.

Lambar jikin kaya tana aiki ne idan wuta ta zo da cikakken ƙarfinta. Ranar da ta zo a raunane, buta ba ta samun wat 2,000 ɗinta, sai ruwan ya daɗe bai tafasa ba. Yunit ɗin bai ragu ba, domin zafin da lita ɗaya take buƙata yana nan yadda yake, ƙila ma ya ɗan ƙaru saboda zafin da ke salwanta a tsawon jiran. Abin da ke rage kuɗin buta shi ne rage ruwan. Mai son kofi ɗaya da ya cika ta maƙil, ya biya kuɗin kofi shida. Firji da dutsen guga kuma ba sa jan wuta a jere, suna kamawa suna saki, don haka a wurinsu awannin da suka yi suna ja ne abin ƙirgawa.

Kafin ka sayi janareta, inbata ko wayar jone, haɗa wat na duk abin da za ka kunna lokaci guda. Kafin ka sayi batiri ko katin wuta, ninka wat na kowane abu da awannin da yake yi a kunne, ka raba da dubu, abin da ya fito shi ne yunit ɗinka na rana.