Kafar maɓalli: ɗan ƙaramin ɗinkin da ke sa a maido wa ɗan kasuwa kaya

A kasuwannin kan iyaka irin su Jibiya da Ɗan Isa, ko Illela da Birnin Ƙonni, mai sarin ɗinkakkun kaya yakan duba yadi, ya duba wuya da aljihu, ya ƙirga dozin ya biya. Da wuya ka ga ya ɓalle maɓalli ko ɗaya. Alhali kuwa da yawa daga kaftani da rigunan 'yan makaranta da ake maidowa bayan wanki biyu ko uku, ba yadinsu ne ya lalace ba, kafar maɓalli ce ta zazzage ko ta yage. Shi ya sa muka ga ya dace mu bi wannan aiki daki-daki, don mai ba tela kwangila ya san abin da zai nema, tela kuma ya san inda ake tuntuɓe.

Da farko dai, baƙin keken nan na ƙafa irin su Butterfly, ɗinki miƙaƙƙe kawai yake yi. Ba ya yin kafar maɓalli sai an ɗaura masa wani ƙarfe na musamman. Aikin na keken zigizag ne, kamar Singer 20U da ke shagunan masu aikin wuya, ko ƙananan kekunan lantarki masu maɓallin juyawa mai mataki huɗu.

Bari mu ɗauki misalin kaftanin shadda mai maɓalli uku a ƙirji. A ce faɗin maɓallin milimita 12 ne, kaurinsa kuma 2. Tsagar da zai wuce ta ciki sai ta kai faɗin da kaurin a haɗe, wato milimita 14. Sannan a ƙara kamar milimita 3 don kullin da za a yi a kai da gindi. Ke nan layin da tela zai zana da alli milimita 17 ne. Wanda ya auna faɗin maɓalli kawai, kafar za ta matse, mai riga ya riƙa tura maɓalli da ƙarfi kullum har zare ya gaji. Wanda kuma ya yi ta da ka ya zarce, riga ta riƙa ɓallewa da kanta ana cikin tafiya.

Kafin allura ta taɓa rigar, sai an ƙarfafa wurin. Ana manna gam, wato ɗan farin ƙyallen nan da ake liƙawa da dutsen guga, a tsakanin ninkin gaban rigar. Nan ne wasu teloli kan yi rowa idan aiki ya yi yawa gab da Salla, don ba a ganinsa daga waje. Amma idan babu shi, ɗinkin zai tattare yadin, gefen kafar ya yi kumburi kamar tabo, kuma da an yanka sai zaren yadin ya fara zubowa. Daga nan sai gwaji a kan ƙyallen da ya rage na wannan shaddar, mai ninki iri ɗaya da gam iri ɗaya. Ga shadda wannan gwaji dole ne, domin idan aka warware ɗinki a kanta, hujin allura yakan zauna a fili.

Kafar maɓalli layi biyu ne na zigizag matsattse a jere, da kulli biyu da suka rufe su. Ga kowane layi ana sa faɗin ɗinki kamar milimita 2, tsawonsa kuma wajen rabin milimita, yadda zare zai kwanta kusa da zare ba tare da ya hau kan ɗan'uwansa ba. Idan aka matse fiye da haka, yadi ya daina tafiya, zare ya taru ya yi dunƙule a ƙarƙashi. Ana kuma ɗan sassauta zaren sama kaɗan, don mahaɗar zaren biyu ta koma bayan yadi, fuskar ta fito sumul. Tela zai ɗinka layin farko har ƙarshen alli, ya bar allura a cikin yadi ta ɓangaren tsakiya, ya ɗaga ƙafar keke ya juya rigar. Sai ya buɗe faɗi zuwa milimita 5, ya yi ɗinki biyar ko shida a wuri guda. Wannan shi ne kulli. Ya maida faɗi zuwa 2 ya ɗinka layi na biyu, ya sake kulli, sannan ya maida faɗi sifili ya yi ɗinki uku don ɗaure zaren.

Lissafin ya nuna abin da ya rage a tsakiya: biyu da biyu huɗu, an cire daga biyar, saura milimita 1. Wannan ɗan siririn fili shi ne hanyar wuƙa. Idan layukan suka haɗe, babu yadda za a yanka ba a taɓa zare ba.

Ga kayan da za su sha wahala, irin su rigar makaranta da hannun kaftani, ana zagaya kafar sau biyu kafin a yanka, na farko da ɗinki mai ɗan sarari, na biyu matsattse a kansa. Wata dabarar kuma ita ce a shimfiɗa zare mai kauri a ƙarƙashin zigizag ɗin ya zagaye kafar, in an gama a ja bakinsa biyu, a shigar da su baya da allurar hannu a ɗaure. Irin wannan kafa ba ta saki, ko yadin mai miƙewa ne.

Yanka shi ne inda aka fi asara, don aiki ne na daƙiƙa biyu da ke iya ɓata rigar da aka kwana ana ɗinkawa. Reza ce aka fi amfani da ita a shaguna, kuma ita ce ta fi zamewa. Abin da ya fi aminci shi ne a soke fil a gicciye daidai gaban kowane kulli, ta ciki, ya zama shinge. Sai a ɗauki ɗan ƙarfen warware ɗinki, a soka bakinsa a gefe guda a tura zuwa tsakiya a tsaya, a juyo daga ɗaya gefen a haɗe. Kada a tura shi tun daga kai har gindi a bugu ɗaya, domin shadda takan yi tauri sannan ta saki farat ɗaya, hannu ya wuce ya tsinke kulli. Mai aiki da yawa gara ya nemi ɗan kurfi mai kaifi wanda bakinsa bai kai tsawon tsagar ba, ya ɗora rigar bisa katako ya danna daga sama. In dole sai reza, to a aza rigar a kan katako a riƙa dannawa kaɗan-kaɗan, ba a ja ba. Bayan haka a tsinke gashin yadi da ƙaramin almakashi, kada a fizge shi da hannu.

Idan an yi rashin sa'a zare biyu ko uku suka yanke, ba a jefar da riga. Ana ware bakin tsagar, a sake bin gefen da zigizag mai faɗi ɗaya, a fara kaɗan kafin wurin a wuce shi kaɗan. Amma in yankan ya ƙetare kulli ya shiga jikin riga, gyaran zai nuna, kuma farashi ya faɗi.

Shi kuwa mai sari, ya zaro riga biyu ko uku daga tsakiyar ɗauri, ba ta sama ba. Ya sa maɓalli ya cire: ya kamata ya wuce da ɗan turi kaɗan. Ya ɗaga kafar ga haske ya ɗan buɗe ta, ya ga ko akwai yankakken zare a gefe. Ya murza wurin da yatsu biyu, in akwai gam zai ji ɗan tauri. Sannan ya juya baya ya ja wutsiyar zare a hankali. In ta biyo hannu, ba a ɗaure ba, kuma sauran dozin ɗin ma hannu ɗaya ne ya yi su.