Kuɗin Kujera Daban, Kuɗin Mai Daban: Yadda Abokan Aiki ke Raba Kuɗin Motar Shata

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, zuwa aiki ya koma abin da ake zama a yi wa lissafi. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin Yuli ya ƙare ta kai 617 a Abuja. Ma'aikatan da ke zaune a Masaka da Ado da Mararaba, a ƙaramar hukumar Karu ta jihar Nasarawa, suna shigowa Abuja kullum da sassafe, suna cikin waɗanda abin ya fi taɓawa. Masu mota da yawa suka jingine ta a gida. Marasa mota kuwa ga tsadar kuɗin haya, ga kokawar shiga, ga fargabar faɗawa motar ɓarayin nan da ke shigar burtu a matsayin direba da fasinjoji.

Wannan ne ya sa 'yan ofis ɗaya, ko maƙwabta masu aiki a yanki ɗaya, ke haɗa kai su ɗauki shatar mota ta wata-wata, ta kai su da safe ta ɗauko su da yamma. Samun motar ba wuya. Abin da ke wargaza irin wannan haɗaka a wata na biyu ko na uku shi ne rabon kuɗi, kuma kusan kullum tushen rigimar ɗaya ne: an haɗa kuɗi iri biyu a jaka ɗaya an raba.

Akwai kuɗin da ba ya motsi, wato hayar motar da albashin direba. Ko mutum bakwai suka hau ko uku, ko watan na da hutun Sallah ko ba shi da shi, mai mota zai karɓi nasa, direba ma haka. Akwai kuma kuɗin da ke bin tafiya, wato fetur, wanda nisa da cunkoso da farashin gidan mai ke ɗaga shi ko sauke shi. Wanda ya shiga tsarin, kujera ya saya ta wata guda, sannan yana biyan rabonsa na man da ya kai kujerar inda za ta. Muddin aka ware waɗannan biyun tun ranar farko, yawancin tambayoyin da ke tasowa daga baya suna da amsa a shirye.

A ɗauki misalin mutum bakwai da suka yi shatar Siyana daga Masaka zuwa Sakatariyar Tarayya. Alƙaluman na misali ne, kowa zai sa nasa. A ƙaddara tafiyar kilomita 30 ce zuwa, 30 dawowa, sai wasu 10 na zirga-zirgar direba tsakanin inda motar ke kwana da wurin da yake ɗaukar fasinjan farko. Waɗannan goman ne aka fi mantawa da su, alhali su ma mai suke ci. Kilomita 70 ke nan a rana, kuma mota mai babban inji irin wannan, a cikin cunkoson gadar Nyanya da Kugbo, za ta iya shan kusan lita 10. A wata mai ranakun aiki 21, lita 210; idan lita naira 900 ce, kuɗin mai ya zama 189,000. Mai mota ya amince da 140,000 saboda safe da yamma kawai ake buƙatarta, direba kuma aka yanka masa 70,000, daidai da mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024. Kuɗin da ba ya motsi ya tashi 210,000, wato kujera ɗaya 30,000. Da kowa a Masaka yake hawa, sai a ƙara wa kowa 27,000 na mai, ya biya 57,000 a wata, kimanin 2,700 a rana zuwa da dawowa.

To amma ba kasafai kowa ke hawa a wuri ɗaya ba. A ce huɗu ne 'yan Masaka, uku kuma a Nyanya suke jira, wajen rabin hanya. Nan ne za a ji ɗan Nyanya ya ce shi bai ga dalilin da zai biya daidai da wanda aka ɗauko daga Masaka ba, ɗan Masaka kuma ya mayar masa da cewa ai kujerarsa a wofi ta taho tun daga can, ba a sa kowa a kanta ba. Dukansu suna da gaskiya, sai dai kowa kan kuɗi daban yake magana. Hujjar ɗan Masaka ta shafi kujera, don haka 30,000 ɗin nan babu ragi ga kowa. Hujjar ɗan Nyanya ta shafi mai, don haka a raba man gwargwadon nisa: mai cikakkiyar tafiya kaso biyu, mai rabi kaso ɗaya. Huɗu sau biyu takwas, a ƙara uku, kaso 11. Kowane kaso ya kama kusan 17,200. Ɗan Nyanya zai biya 47,200 gaba ɗaya, ɗan Masaka 64,400.

Wasu masu son ƙwaƙƙwafi sukan ce a yanka hanyar gida biyu, 'yan Masaka su ɗauki man zangon farko su kaɗai, zango na biyu a raba bakwai. A takarda ya yi kyau, amma yana ɗauka cewa kowane kilomita mai ɗaya yake sha, alhali motar da ta yi minti arba'in tana rarrafe tsakanin Nyanya da shataletalen AYA ta ƙona abin da ya fi na buɗaɗɗiyar hanya. Rabon kaso biyu da ɗaya ya fi sauƙi, kuma kowa zai iya bincika shi a wayarsa.

Batun fashi ya fi na nisa zafi. Wanda ya yi kwana biyu bai zo ba, saboda zazzaɓi ko biki, ba shi da ragi ko na sisi, domin motar ta yi tafiyarta kuma rashin mutum ɗaya bai rage mata shan mai da wani abin kirki ba. Idan aka buɗe ƙofar cire kuɗin kwana ɗaya-ɗaya, ma'aji zai koma mai kiran suna kowace safiya. Hutun shekara kuwa, na wata guda cur, daban ne. Abin da ya fi dacewa shi ne mai hutun ya biya 30,000 na kujerarsa, a ɗauke masa na mai. Sai dai sauran su san cewa nauyin kansu zai dawo: idan ɗan Masaka ne ya tafi, kaso ya ragu daga 11 zuwa 9, kowane kaso ya koma 21,000, 'yan Masaka uku su biya 42,000 na mai kowannensu. Shi ya sa ya fi wa kowa alheri a ba shi damar kawo wanda zai riƙe masa kujerar a watan, da sharaɗin sauran sun san mutumin kuma sun yarda da shi. Mai son fita gaba ɗaya kuma ya ba da sanarwar wata guda, domin ranar da suka koma shida kujera ta tashi daga 30,000 zuwa 35,000. Tsarin kamar adashe yake, wanda ya zame a tsakiya sauran yake bari da ciko.

Yarjejeniyar mai da lita ya kamata a ƙulla ta. Masu ƙullawa da naira sun ga darasi a farkon Satumban 2024, lokacin da gidajen man kamfanin NNPC a Abuja suka tashi daga 617 zuwa 897 a rana ɗaya, sannan a Oktoba suka kai 1,030. A kan lita 210, tashin farko kaɗai ƙarin naira 58,800 ne a wata. Rukunin da ya yi wa mai mota jimla ɗaya har da mai, sai dai ya wayi gari mai motar ya ce ba zai iya ba, ko direba ya fara kashe iyakwandishan yana cusa fasinjan hanya a kujerar wanda bai zo ba. Rukunin da ya rubuta lita 10 a rana kuwa, ninkawa kawai zai yi da sabon farashi, kuma idan mai ya sauka shi ne zai ci ribar.

Ta yaya za a san lita nawa motar ke sha da gaske? A cika tanki maƙil ranar Litinin da safe, a rubuta lambar da mitar tafiya ta nuna, a yi zirga-zirgar mako, a koma gidan man a sake cikawa. Litar da ta shiga a karo na biyu ita ce abin da aka ƙona, bambancin mita kuma shi ne nisan da aka yi. Wannan gwaji yana aiki ne idan motar a ajiye take yini. Idan mai ita yana tura ta kabu-kabu tsakanin ƙarfe tara da huɗu, to a yi gwajin a makon da aka tsayar da ita, daga nan a riƙa biyan ƙayyadaddiyar lita, man tsakar rana ya zama nasa. Ranar da mita ta nuna kilomita 350 a mako amma mai ya tashi daga lita 50 zuwa 65, ko dai motar na neman makanike, ko wani yana zuƙa, kuma rasit ɗin gidan mai ne zai fara nuna wanne ne. Idan mitar ce ta haura zuwa 450, motar na zuwa wani wuri da ba a faɗa ba.

Direba shi ne wanda aka fi tauyewa a wannan lissafi, ga shi kuma rayuka bakwai ne a hannunsa. Mutumin da ya fito tun kafin sallar asuba, ya dawo gida bayan isha'i, bai kamata a cire masa kuɗin ranar hutun gwamnati ba. A fayyace wa ke biyansa, mai mota ko fasinjoji, don kada kowane ɓangare ya zaci ɗayan ya biya. Idan taro ya riƙe mutum ɗaya har aka jira shi awa guda, kuɗin jiran daga aljihunsa zai fito, ba daga asusun kowa ba. Ko kuma a sa doka, minti goma sha biyar mota ta tashi. Goron Sallah da ɗan abin karin kumallo ba sa cikin lissafi, amma direban da ake tunawa da shi ba ya saurin barin aiki don wani ya ƙara masa dubu biyar.

Taya da birki da baƙin mai da takardun mota da inshora duk na mai mota ne, don su ake biyan haya. Tarar da jami'an kiyaye haɗurra suka ci saboda takarda ta ƙare tasa ce, wadda aka ci saboda gudu ko bin hannun da ba daidai ba ta direba ce. Ranar da motar ta kwana a gareji, a cire kuɗin ranar daga haya, wato 140,000 a raba 21, kusan 6,700, a mayar wa fasinjoji su rage abin da suka kashe a motar haya. Ma'aji ɗaya ya karɓi kuɗin wata tun farkonsa, cikin kwana uku da shigar albashi, ya riƙa tura hoton kowane rasit ga kowa. Yana da kyau kuma kowa ya ƙara kamar 2,000 a ajiye a gefe, saboda watan da ranakun aikinsa suka kai 23 zai ci ƙarin lita 20 da ba ta cikin lissafin farko.