Wanda ya zo ƙarshe shi ke da magana: jera mod da faci a wasan Skyrim

Kamfanin Bethesda ya fitar da Skyrim a 2011, ya sake fitar da shi da sunan Special Edition a 2016, kuma har yau jama'a na buga shi saboda mod, wato gyare-gyaren da 'yan wasa ke ƙirƙira su raba wa juna. Matsalar ita ce mod biyu sukan taɓa abu ɗaya, ba tare da wannan ya san da wancan ba. Don haka ake yin faci, ƙaramin fayil mai sasanta su. Sai dai faci ba ya aiki don an girka shi kawai, sai an ajiye shi inda zai rinjayi waɗanda ya zo gyarawa. Inda mutane da yawa ke tuntuɓe shi ne zaton jeri ɗaya ne, alhali kuwa biyu ne, kowanne da tasa doka.

Jeri na farko na fayilolin bayanai ne, masu ƙarewa da .esm, .esp ko .esl. A cikinsu kowane mutum, takobi ko gida na da rikod ɗinsa da lambarsa. Wasan yana karanta su daga sama zuwa ƙasa, kuma idan fayil biyu suka taɓa rikod ɗaya, a mafi yawan nau'o'in rikod ba ya gauraya su. Na ƙarshe yake ɗauka ɗungurungum, ya watsar da na farko. Kamar fentin bango ne, shafen ƙarshe ido ke gani. Shi ya sa fayiloli biyar na kamfanin ke zama a can sama: Skyrim.esm, Update.esm, Dawnguard.esm, HearthFires.esm da Dragonborn.esm. Babban facin nan mai gyara kurakuran wasan kansa, Unofficial Skyrim Special Edition Patch, shi ma kusa da sama yake zama, domin wasan ya zo gyarawa ba sauran mod ba. Facin da ke sasanta mod biyu kuwa dole ya sauko ƙarƙashin dukansu.

Jeri na biyu na kayan gani da ji ne: siffar jiki a fayil ɗin .nif, launin fata da tufafi a .dds, sai sauti da sauransu. Wasu a ƙunshe suke cikin .bsa, wanda ke bin matsayin fayil ɗin bayanan da ke ɗauke da sunansa. Wasu kuma a warwatse suke cikin folda, kuma na warwatse kullum suna danne na ƙunshe. A manhajar Mod Organizer 2 an raba allon biyu. Ɓangaren hagu ne ke yanke hukunci kan fayilolin da ke warwatse, inda mod mai babbar lamba a layin Priority ke rinjaye. Ɓangaren dama, ƙarƙashin Plugins, shi ne jerin bayanai. Matsar da abu a dama ba ya sauya komai a hagu.

Mu ɗauki Lydia, jarumar da sarkin Whiterun ke ba ɗan wasa ta riƙa take masa baya. A ce an girka mod ɗaya mai sauya mata fuska da gashi, da wani mai ƙara wa mabiya ƙarfin faɗa, sannan da facin da ke haɗa su. Sunayen misali ne, amma ga yadda plugins.txt, mai riƙe da jerin bayanai, zai kasance idan an yi kuskure, inda tauraro ke nuna fayil a kunne yake:

```
*SabuwarFuska.esp
*KarfinMabiya.esp
```

An manta ba a kunna facin ba. Rikod ɗin Lydia, mai lamba 000A2C8E, yana cikin duka biyun, kuma na ƙarfin mabiya ne ya zo ƙarshe. Mai wannan mod bai taɓa fuskarta ba, amma rikod ɗin da ya kwafo yana ɗauke da bayanin tsohuwar fuskar. A ɓangaren hagu kuwa, fayil ɗin siffar kanta, 000A2C8E.nif, na mod ɗin sabuwar fuska ne. Bayani na faɗin abu ɗaya, siffa na nuna wani. Sakamakon shi ne sanannen lahanin nan: fuskarta ta yi duhu, launinta ya saɓa da na wuya da jiki. Duk wanda ya ga haka, to ya san wanda ya ci a dama ba shi ne ya ci a hagu ba.

Ba a magance wannan da ka-ci-ci-ka-ci-ci. A buɗe SSEEdit, mai duba cikin fayilolin bayanai, ta cikin Mod Organizer 2, a bar shi ya loda komai, a rubuta lambar Lydia a akwatin FormID. Zai jera kowane fayil da ya taɓa ta a tsaye, daga hagu zuwa dama bisa yadda wasan ke karanta su, kuma na ƙarshen dama shi ne mai nasara. Layin da aka yi saɓani a kansa yakan fito da ja. A nan za a ga cewa a layukan Head Parts da Tint Layers tsohon bayani ne ya yi nasara. Gyaran shi ne a kunna facin a sa shi ƙasa:

```
*SabuwarFuska.esp
*KarfinMabiya.esp
*FacinLydia.esp
```

Idan babu facin da wani ya riga ya yi, mutum na iya yin nasa. Ya danna dama a kan rikod ɗin da ya yi nasara, ya zaɓi Copy as override into, ya ba sabon fayil suna, sannan ya jawo layukan fuska daga mod ɗin fuskar zuwa cikinsa. Bayan haka ya koma hagu, ya buɗe mod ɗin fuskar, ya duba shafin Conflicts don tabbatar da cewa babu wani mod da ke danne fayilolin kan Lydia.

Akwai wata alamar da ba ta da wuyar ganewa. Kowane faci yana ɗauke da sunayen fayilolin da ya dogara da su. In ɗaya ya ɓace, wasan yakan mutu tun kafin a shiga ciki, kuma Mod Organizer 2 yana sa alamar gargaɗi kusa da facin, ya faɗi sunan abin da babu. Abu kuma in ya fito da launin shunayya, fayil ɗin launinsa ne ya ɓace, sai a nemi laifin a hagu.

Manhajar LOOT tana jera ɓangaren dama da kanta, kuma da ita ya kamata a fara. Amma tana aiki ne da dokokin da masu kula da ita suka tara kan mod sanannu, ba ta san wace fuska kake so Lydia ta ɗauka ba, ba ta kuma taɓa ɓangaren hagu. Haka nan jeri ba ya haɗa sauye-sauye biyu, zaɓen mai nasara kawai yake yi. Idan mod biyu suka ƙara makamai a jerin kayan da 'yan fashi ke ɗauka, na ƙarshe zai shafe na farko, sai an haɗa su da Bashed Patch na manhajar Wrye Bash, wanda ake ajiyewa can ƙasa.

Duk sauyin da aka yi, a gwada shi a sabon wasa tukuna. Ajiyayyen wasa yana riƙe da bayanan mod ɗin da aka buga shi da su, musamman masu umarnin da ke gudana a ɓoye, don haka cire mod a tsakiyar tafiya na iya lalata shi ko da jerin ya yi daidai. A riƙa ƙara mod kaɗan-kaɗan, ana leƙa SSEEdit da shafin Conflicts bayan kowane ƙari, ta yadda in fuska ta yi duhu za a san wane fayil ne ya shigo na ƙarshe.