Yadda A Ke Lissafin Biyan Rance Wata-Wata

Rance ba baƙo ba ne a ƙasar Funtua da Malumfashi. Tun zamanin da kamfanin B.C.G.A. ya kafa injunan gurzar auduga a garuruwan nan biyu, manomi ya san falle, watau ya karɓi kuɗi da damina ya biya da amfanin gona da kaka. Wannan lissafinsa a ka a ke yinsa: ka ci kaza, ka kawo dami kaza, magana ta ƙare. Amma tun da Bankin Manoma ya fara aiki a Kaduna a 1973, kuma aka buɗe Shirin Raya Aikin Gona na Funtua a 1975 da taimakon Bankin Duniya, sai bashin takarda ya yi ta shiga ƙauyuka. Yau ga bankuna manya da ƙanana, ga ƙungiyoyin gama-kai na ma'aikata, kuma mai albashi, malami ne ko akawu, bashin da ya fi samu shi ne wanda za a riƙa cirewa daga albashinsa kowane wata.

Abu uku a kan gaya wa mai neman irin wannan rance: uwar kuɗi, da ruwan da za a ɗora a shekara, da yawan watannin biya. Daga nan sai a miƙa masa takarda a ce ga abin da zai riƙa biya. Mutane da yawa, har da masu koyar da lissafi a aji, su kan sa hannu ba su san ta inda adadin ya fito ba. Alhali kuwa da fensir da takarda, ko da na'urar lissafi ta cikin waya, kowa ya na iya fitar da shi kafin shayinsa ya huce.

Mu ɗauki misali. A ce wani malamin makaranta a Malumfashi ya na da gona a hanyar Ƙafur, ya na son taki da iri da kuɗin ƙwadago don masara. Ya ranci Naira 600,000, ruwa kashi 24 cikin ɗari a shekara, ba ya hawa ba ya sauka, zai biya cikin wata 12. Nawa ne biyansa na wata?

Abin da zai fara zo masa a rai shi ne ya ce, kashi 24 cikin ɗari na 600,000 shi ne 144,000. Ya tara da uwar kuɗi ya sami 744,000, ya raba gida 12, ya ga 62,000. Lissafin bai ɓata ba, sai dai an gina shi bisa cewa kuɗin nan duka za su shekara a hannunsa. Ba haka abin ya ke ba. Tun ƙarshen watan farko ya fara mayarwa, kafin wata na goma sha biyu kuwa abin da ya rage a wuyansa bai kai ushirin bashin ba. Don me zai biya ruwan kuɗin da ya riga ya mayar? Saboda haka a kan ɗora ruwa bisa abin da ya saura kaɗai, a kuma nemi adadi guda wanda idan an biya shi kowane wata, bashi zai mutu daidai da biya na ƙarshe. Neman wannan adadi shi ne aikinmu.

Da farko a mai da ruwan shekara na wata. A raba 24 gida 12, a sami kashi 2 cikin ɗari, wanda a ke rubutawa 0.02. Ma'anarsa, kowace Naira ɗaya da ta ƙare wata a wuyan mutum ta zama 1.02.

Sai a tambaya, in da malamin nan ba zai biya ko kwabo ba har wata 12, ina bashin zai kai? Amsar ita ce a riɓanya 1.02 da kanta sau goma sha biyu. Akwai gajeriyar hanya. 1.02 sau 1.02 ya ba da 1.0404, na wata biyu ke nan. Wannan sau kansa ya ba da 1.082432, na wata huɗu. Shi ma sau kansa ya ba da 1.171659, na wata takwas. A riɓanya na takwas da na huɗu, a sami 1.268242, na wata goma sha biyu. Ashe Naira 600,000 da za ta kumbura ta kai 760,945.

To, amma ya na biya, kuma kowane biya ya na kashe masa ruwan da zai hau bayansa. Naira ɗaya da ya biya a ƙarshen watan farko ta tsare masa ruwan wata 11, ta wata na biyu ta tsare masa na wata 10, haka haka har ta ƙarshe wadda ba ta tsare kome ba sai kanta. Idan aka haɗa nauyin waɗannan Nairori goma sha biyu, ya fi 12. Masana lissafi sun daɗe da hutasshe mu tara su ɗaya-ɗaya: a ɗebe 1 daga 1.268242, a raba abin da ya rage, watau 0.268242, da 0.02, a sami 13.4121. Ke nan biyan Naira ɗaya kowane wata ya na rushe Naira 13.4121 daga wancan kumburarren bashi. Sau nawa 13.4121 ta ke shiga cikin 760,945? Sau 56,736. Wannan shi ne biyan wata.

Idan aka dunƙule matakan nan wuri guda, ga ƙa'idar kamar yadda littattafai su ke rubuta ta, inda P ke tsaye madadin uwar kuɗi, r ruwan wata, n yawan watanni, M kuwa biyan wata:

```
M = P × r × (1 + r)^n ÷ [(1 + r)^n − 1]
```

Akawun da ke da kwamfuta a ofis, wannan layi a cikin Excel ya ishe shi:

```
=PMT(0.24/12,12,-600000)
```

Zai ba shi 56,735.76. Gargaɗi ɗaya ga mai yi da hannu: kada ya yi rowar lambobin bayan ɗigo. Wanda ya datse 1.268242 ya bar 1.2682 zai sami 56,743, bambancin Naira bakwai. Wanda ya datse ta zuwa 1.27 kuwa zai sami 56,444, ya kauce da kusan Naira ɗari uku, ya je ya na gardama da ma'aikacin banki a banza. Kuskuren da ya fi wannan yawa shi ne a manta da raba ruwan shekara gida 12. Gane shi ba wuya, gama amsar za ta fito fiye da 150,000 a wata. Ma'auni mai sauƙi shi ne wannan: amsa ta gari lalle ta fi 50,000, watau uwar kuɗi raba 12, kuma ta kasa 62,000 ɗin nan da muka fara samu.

Yanzu mu bi kuɗin mu ga inda su ke tafiya, don a nan ne abin ya ke da daɗin sani. A watan farko bashi 600,000 ne, ruwansa 12,000. Daga cikin 56,736 da aka cire, 12,000 ruwa ya sha, 44,736 ne suka taɓa uwar kuɗi, saura 555,264. A wata na biyu ruwa ya sauko zuwa 11,105, don bashin ya ragu, abin da ya shiga uwar kuɗi ya hau zuwa 45,631. Haka za su yi ta musayar wuri, ruwa na ja da baya, har a wata na ƙarshe ruwan bai wuce 1,112 ba. Jimlar abin da ya biya 680,829, ruwa a ciki 80,829.

Daga wannan za a gane wani abu da kan ɓata wa mutane rai. A ce malamin ya karɓi rancen a watan Mayu, ya biya sau shida, a Nuwamba ya girbe masara ya kai kasuwar Dandume ya sayar, ya taho zai kashe bashin gaba ɗaya. A zatonsa rabi ya rage, 300,000. Sai a ce masa 317,801. Ba cuta ba ce. Watannin farko ne ruwa ya fi cin biyan, shi ya sa rabin lokaci ba ya kashe rabin bashi.

Mu koma ga 62,000. Kada a ɗauka ba a amfani da wancan lissafi. Akwai masu ba da rance da su ke ɗora ruwa bisa uwar kuɗi duka tun daga farko har ƙarshe, kuma su ma kashi 24 za su ce. Baki ɗaya ne, amma tsakanin biyun akwai Naira 5,264 kowane wata, fiye da 63,000 a shekara. Wanda ya ke biyan 62,000 a kan wannan rance, in an auna da ma'aunin abin da ya saura, ruwan da ya ke biya ya kusa kashi 42 cikin ɗari a shekara. A ganina wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a gaban teburin mai ba da rance: ruwan nan, bisa saura ne ko bisa uwar kuɗi duka? In amsar ba ta fito sarai ba, a karɓi adadin biyan wata a gwada shi da ƙa'idar da ke sama, shi ba ya ɓoye kome. A kuma tambayi abin da za a zaftare tun kafin kuɗi su shigo hannu, na takarda da na inshora, gama ruwa a kan 600,000 za a lissafta ko da abin da aka karɓa bai cika haka ba.

Tsawaita lokaci kuma fa? Idan aka mai da watannin 24, 1.02 riɓi ashirin da huɗu ta zama 1.608437, biyan wata ya sauko zuwa 31,723. Albashi ya sami sarari. Amma jimlar ruwa ta tashi zuwa wajen 161,344, ninki biyu na dā. Sauƙin wata da tsadar ƙarshe tare su ke tafiya, kowa sai ya duba wanda wuyansa zai ɗauka.

Ƙa'idar nan ta na da iyaka. Ta na aiki ne idan ruwan tsayayye ne, biyan kuma daidai wa daida a ƙarshen kowane wata. Idan yarjejeniya ta ba banki ikon sake ruwa, ranar da ya sake sai a sabunta lissafi bisa abin da ya saura da watannin da suka rage. Ba ta san damina da kaka ba kuma. Manomin Bakori ko Danja da ba shi da albashi, kuɗinsa sau ɗaya su ke zuwa, bayan girbi. Biyan wata-wata zai sa ya riƙa cin uwar kuɗin don ya biya ta, tun masara ba ta yi goyo ba. Irinsa rancen da a ke biya a dunƙule bayan kaka ya fi dacewa da shi, lissafinsa kuwa shi ne matakin nan na kumburar bashi kaɗai: 600,000 a wata shida, in ruwan na hawa kan ruwa, ta zama 675,697.

Jama'ar wannan ƙasa kuwa da yawa ba sa kusantar rance mai ruwa, saboda hanin da addinin Musulunci ya yi ga riba. Tun 2012 da bankin Jaiz ya fara aiki, akwai ciniki irin na murabaha, inda banki ke sayen kayan, taki ne ko injin ban-ruwa, ya sayar wa mai bukata bisa farashin da aka yanke tun farko. A nan ba a bukatar riɓanya kome: farashin da aka amince a raba shi da yawan watanni. In an yanke 690,000 a wata 12, biyan wata 57,500 ne, mai saye kuma ya na iya jera shi kusa da 56,736 da 62,000 ya ga inda ya faɗa.