Lissafin ruwa a bene mai hawa 20: bututu daban, tanki daban

Injiniyan da aka ba aikin ruwan dogon bene tambaya biyu yake amsawa: lita nawa za ta bi bututu a daƙiƙa guda sa'ad da buƙata ta fi yawa, lita nawa kuma mazauna za su ƙarar a yini. Ta farko ce ke yanke faɗin bututu, ta biyu kuma girman tanki.

A ɗauki bene mai hawa 20, kowane hawa da gidaje huɗu, gida 80 ke nan. Idan kowane gida yana da shawa biyu, an sami 160. Ma'aunin Turai na EN 806-3 ya ba kowace shawa lita 0.2 a daƙiƙa, don haka da za a buɗe su gaba ɗaya, lita 32 za su ja.

Amma mutane ba sa shiga wanka lokaci guda. A kan wannan Roy Hunter, wani masani a Amurka, ya gina lissafinsa a 1940: a yi bututun da zai wadatar a kashi 99 cikin 100 na lokacin cunkoso. A ce da sassafe kowace shawa tana zuba minti 6 a cikin awa guda. Yawanci 16 ne za su kasance a buɗe, kuma da wuya su haura 25. Lita 5 ke nan a daƙiƙa maimakon 32. Haka za a yi wa bayan gida da famfon kicin, sannan a zaɓi bututu.

Shi kuwa tanki, kawunan mutane ake ƙirgawa. Idan kowane gida yana da mutum biyar, an sami 400. A ware wa kowa lita 150, buƙatar yini ta zama lita 60,000. Galibi akan ajiye kashi biyu cikin uku a tankin ƙasa, a ɗora sauran a rufi. Lita 20,000 ɗin nan ta sama nauyinta tan 20 ne, dole mai zanen ginshiƙai ya san da ita tun kafin a zuba fandisho. A gari irin Kano, inda ruwan famfo da wuta ke ɗaukewa, akan faɗaɗa tankin ƙasa ya ɗauki na kwana biyu.

Kuskure yakan nuna kansa. Idan bututu ya yi ƙanƙanta, mutanen hawan ƙarshe ne ke fara kuka, shawa ta koma ɗigo da ƙarfe shida na safe. Idan tanki ya yi girma fiye da kima, ruwa ya daɗe a kwance, sinadarin kulorin ya gushe, rana ta ɗumama shi. Ƙwayar Legionella tana yaɗuwa tsakanin digiri 20 da 45, shi ya sa ake rufe tankin sama, a kare shi daga rana, a kuma sa mashigar ruwa nesa da mafitarsa don ruwan ya riƙa sauyawa.