Takardar Shaida Ga Yaron Da Ya Bar Aikinka: Yadda Za Ka Faɗi Rauninsa Ba Tare Da An Kai Ka Kotu Ba

Tambayar da za mu duba a wannan fitowa ta 'yan kasuwa ce, amma ɗalibai ma su kasa kunne, domin sau da yawa su ake kira su rubuta wa iyayensu wasiƙa da Faransanci.

Mu ƙaddara wani Alhaji yana da shagon atamfa a babbar kasuwar Ajame. Yaronsa ya yi shekara uku tare da shi, sannan suka rabu. Yanzu yaron ya samu labarin ana neman mai kula da sito a wani kamfani a Tireshbil, can wajen tashar jiragen ruwa, kuma an ce ya kawo takarda daga tsohon maigidansa. Yaron nan ya iya mu'amala da masu saye, yana jin Jula da Faransanci, ba ya makara. Amma lissafi ya fi ƙarfinsa. Sau biyu ana ƙidaya kaya a ga abin da ke sito bai yi daidai da na littafi ba. Alhaji ba ya son ya yi shaidar zur, ba ya son ya toshe wa yaro hanyar abinci, kuma ba ya son ya wayi gari da sammaci a hannu. To, me zai rubuta?

Abu na farko, takardu biyu ne a nan, kuma mutane da yawa suna haɗa su wuri guda.

Ta farko ita ce wadda ake buga "certificat de travail" a samanta. Wannan haƙƙin ma'aikaci ne. Dokar ƙwadago ta Kodibuwa, wadda aka sa wa hannu a watan Yuli na 2015, ta wajabta wa maigida ya ba da ita idan aiki ya ƙare, ko an rabu lafiya ko an rabu baram-baram. Wanda ya hana, ana iya sa shi biyan diyya. Dokar kuma ta iyakance abin da za a rubuta ciki: ranar da ya fara aiki, ranar da ya bari, irin ayyukan da ya riƙe da lokacin kowanne. Shi ke nan. Ba a rubuta dalilin rabuwa, ba a rubuta halinsa. Idan Alhaji ya ƙara layi ɗaya a ƙasa ya ce "mun sallame shi saboda kaya sun ɓace", ya fita daga abin da doka ta yarda, ko da maganar gaskiya ce. Nan ne mutanenmu suka fi faɗawa, domin suna ganin ai wannan ce damar da za su gargaɗi na gaba.

Ta biyu ita ce wasiƙar shaida, wadda a ciki kake faɗin yadda ka ga aikin mutum. Wannan babu wanda ya tilasta maka rubuta ta. Kana iya cewa a'a. Amma da zarar ka sa hannu, duk abin da ke ciki yana wuyanka. A dokar farar hula da ƙasar nan ke aiki da ita akwai sashe na 1382, wanda ma'anarsa ita ce duk wanda ya jawo wa wani hasara ta hanyar kuskurensa, sai ya biya. Wuƙar nan baki biyu gare ta. Idan ka rubuta wa yaro sharrin da ba za ka iya tabbatarwa ba har ya rasa aiki, yana da hanyar ƙara. Idan kuma ka zuba masa yabon da ka san ƙarya ne, ka ce ya ƙware a riƙon sito, aka damƙa masa kayan miliyoyi suka salwanta, sabon maigidan ma yana da abin faɗa a kanka.

Wani zai ce, to faɗin rauninsa ba giba ba ce? Malamai sun daɗe da warware wannan. Imamu Nawawi a Riyadus Salihin ya kawo wurare shida da aka halatta ambaton aibin mutum, kuma daga cikinsu akwai wanda aka nemi shawararsa kan wanda za a ba amana ko a yi hulɗa da shi. Hujjar da aka fi kawowa ita ce ta Fatima bint Ƙais, a Sahihu Muslim, lokacin da ta nemi shawarar Manzon Allah (SAW) kan mutum biyu da suka nemi aurenta, ya ambaci abu guda game da kowannensu. Ku lura, abu guda, kuma wanda ya shafi zaman da za a yi. Sharaɗin da malamai suka gindaya shi ne niyya ta zama nasiha, kuma a tsaya iya buƙata. Wanda ya kiyaye wannan sharaɗin, ya riga ya kauce wa mafi yawan abin da ke kai mutane gaban alƙali.

Yanzu mu koma teburin Alhaji. Kafin ya rubuta komai, ya raba abin da ya gani da abin da yake zato. Abin da ya gani: a ƙidayar watan kaza, turmi 12 ba su cika ba, a wata ƙidayar kuma turmi 7. Ya ba yaron takardar neman bayani, yaron ya amsa cewa ya ba da kaya bashi ya manta bai rubuta ba, kuma daga baya an gano wasu daga ciki. Abin da yake zato: wataƙila yaron ya karkatar da sauran. Na farko yana da littafi da takarda da za su tsaya masa. Na biyu babu kowa bayansa sai zuciyarsa. Kalmar "ɓarawo" ko "ba shi da amana" hukunci ce, kuma sata laifi ne da kotu ke tabbatarwa. Alhaji bai kai ƙara ba, ba a yanke hukunci ba, saboda haka kalmar ba ta da wuri a wasiƙarsa. Kada kuma a yi dabarar zagaye, a ce "a riƙa sa ido a kan aljihunsa". Kowa ya san abin da ake nufi, alƙali ma ya sani.

Ga ma'anar abin da zai iya rubutawa, kafin a juya shi zuwa Faransanci:

"Ya yi aiki a shagona shekara uku, daga ranar kaza zuwa ranar kaza, yana sayar da kaya, kuma a shekarar ƙarshe na ƙara masa kula da sito. Yana zuwa kan lokaci, yana da haƙuri da masu saye, yana jin Jula da Faransanci. A wajen rubuta shige da ficen kaya yana buƙatar ƙarin horo: sau biyu ƙidayarmu ta saɓa da littafin da yake riƙe da shi, kuma na yi masa magana a rubuce a lokacin. Ina ba da shaidarsa a aikin saye da sayarwa. A aikin sito, zai fi kyau ya fara ƙarƙashin wanda ya ƙware."

Dubi yadda ta tafi. Raunin ya fito fili, mai karatu ba zai ce an rufe shi ba. Amma an ɗaura shi a kan aiki guda da lokuta biyu, ba a kan mutuncin yaron gaba ɗaya ba. An ce "sau biyu", ba a ce "kullum" ba. An faɗi alherinsa, kuma alherin gaskiya ne. Jumlar nan ta "na yi masa magana a rubuce" ita ce ginshiƙi, domin tana nuna cewa ba yau aka ƙirƙiro maganar ba. Wanda bai taɓa yi wa yaronsa gargaɗi a rubuce ba, sai da baki a bayan kanti, ya rage abin da zai faɗa, domin ranar musu ba shi da abin nunawa. Ni a ganina, mai irin wannan hali gara ya tsaya kan abin da zai iya yabawa da gaskiya, ya bayyana cewa shaidarsa ta saye da sayarwa ce kawai, ya yi shiru kan sauran.

Akwai abubuwan da ba sa shiga ko da gaskiya ne: rashin lafiyarsa, rikicin gidansa, bashin da ake binsa, ƙabilarsa, addininsa, ko cewa ya taɓa kai ka ƙara wajen sufetan ƙwadago. Dokar ƙwadago ta hana a dubi irin su ƙabila, addini, jinsi da shiga ƙungiyar ma'aikata wajen ɗaukar aiki, kuma tun 2013 ƙasar nan tana da dokar kare bayanan sirrin mutane. Ko babu doka, ba su ne aka tambaye ka ba.

Sai kuma maganar ranaku. Da yawa daga cikinmu ba su yi wa yaran shago rajista a CNPS ba, kuma sun san takardar da ta ce yaro ya yi shekara uku hujja ce a hannunsa. Sai wani ya rage ya rubuta wata takwas. Wannan ƙarya ce a rubuce da sa hannunka, kuma maƙwabtan shago duk shaidu ne. Idan akwai haƙƙinsa da ya rage, a zauna a daidaita, takarda kuma ta faɗi ranakun gaskiya.

Idan an gama rubutu, Alhaji ya kira yaron ya karanta masa. Ya ce masa, "Ɗana, ga abin da zan iya sa wa hannu. In ka yarda ka ɗauka, in ba ka so, ga takardarka ta doka, ita ba komai a cikinta sai ranaku." Zaɓi ya koma hannun yaro, kuma wanda ya karanta ya karɓa ya kai da kansa, da wuya ya dawo ya ce an yi masa zagon ƙasa. A yi kwafi biyu, yaron ya sa hannu a ɗaya cewa ya gani ya karɓa, Alhaji ya ajiye tare da takardar neman bayanin nan.

Inda aikin yakan lalace shi ne bayan kwana biyu, idan wayar Alhaji ta yi ƙara. Mutumin Tireshbil ne, yana cewa, "Alhaji, tsakaninmu, yaron nan yaya yake?" Sai baki ya saki abin da alƙalami ya riƙe. Mafi muni shi ne saƙon murya na WhatsApp, wanda ake turawa daga waya zuwa waya har ya isa kunnen mai shi. Amsar da ta dace gajeriya ce: "Abin da na rubuta shi ne abin da na sani." Idan ya matsa ya ce ya taɓa ɗaukar maka kuɗi ko kaya, Alhaji ya ce ƙidaya ta saɓa sau biyu, an gano wasu, bai kama shi da komai ba. Idan kuwa da gaske an taɓa kama yaro dumu-dumu, har magana ta je ofishin 'yan sanda ko kotu, to wannan ba lamarin wasiƙar shaida ba ne. Ka ba shi takardarsa ta doka, ka ce ba za ka rubuta ta biyu ba, kuma kafin ka gaya wa wani abin da ya faru, ka nemi lauya ya duba maka takardun da ke hannunka.